Bim mai tsawon mita shida: ina sauran nauyin ya tafi?

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Injiniya. Ina roƙon ka duba mini wani lissafi kafin in miƙa shi ga mai zane. Bim ne na kankare a tsakiyar bene na farko na ginin ofis, tsawonsa mita 6 tsakanin fila biyu, faɗinsa milimita 230, zurfinsa 450 har da dekin. Kaurin dekin 150 ne, tazarar bim da bim mita 4, kuma a zanen akitek akwai bangon bulo mai inci tara a kansa. Na sami 11.6 kN/m² a dekin bayan ninkin kariya, na ninka da mita 2, wato rabin tazarar, na sami 23 kN/m, ƙarfin lanƙwasa M kuma 104 kNm, sai na zaɓi rodi huɗu masu milimita 16. Hankalina bai kwanta ba, amma ban gano inda na kuskure ba. Shin wannan adadin yana kan hanya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Adadin ba ya kan hanya, kuma kada ka bari zanen ya fita daga hannunka tukuna. Nauyin da wannan bim zai ɗauka yana tsakanin 55 da 62 kN/m, ko ma fiye, gwargwadon yadda dekin ya zauna a gefunansa, saboda haka abin da ka samu bai kai rabin gaskiyar lamarin ba. Rashin kwanciyar hankalin da ka ji yana da dalili, kuma na ji daɗi da ka saurare shi ka rubuto.

Bari in fara da abin da ka yi daidai, domin kada ka rushe shi wajen gyara. Na sake lissafa nauyin dekin da kaina, na ga mun haɗu a wuri ɗaya. Kankare mai rodi yana da nauyin 25 kN/m³, don haka dekin mai kaurin milimita 150 yana ba da 3.75 kN/m². Idan aka ƙara masa simintin da ake shimfiɗawa a daidaita ƙasa, da tayil, da silin, da bututu da wayoyin da ke rataye a ƙarƙashi, 1.5 kN/m² adadi ne mai kyau, sai nauyin dindindin ya zama 5.25. Nauyin amfani, wato mutane da tebura da kabad-kabad, ina zaton 3.0 ka ɗauka, wanda shi ne abin da kundin EN 1991-1-1 na Eurocode ya ba da shawara a kan ofis. Da ninkin 1.35 a kan na dindindin da 1.5 a kan na amfani, 11.6 ne ke fitowa. Wannan ya nuna mini da Eurocode kake aiki, to ka zauna a kansa har ƙarshen lissafin. Wanda ya saba da BS 8110 zai ninka da 1.4 da 1.6, ya ɗauki kankare a 24, ya sami adadi kusa da naka, kuma babu laifi a ko wanne, matuƙar ba a ɗauko ninkin nauyi daga wannan kundin aka haɗa da ƙarfin kayan gini daga wancan ba.

Kuskuren ya shigo ne a mita 2 ɗin nan. Gaskiya ne dekin da ke tsakanin bim biyu yana raba nauyinsa biyu, rabi ya tafi dama, rabi ya tafi hagu. Amma bim ɗinka a tsakiya yake, dekin yana jingine da shi ta ɓangarori biyu, yana karɓar mita 2 daga wannan gefe da wasu mita 2 daga wancan. Rabonsa mita 4 ne cif, kuma 11.6 sau 4 ya zama 46.4 kN/m. Mita 2 rabon bim ɗin bakin gini ne, wanda bayansa babu komai sai iska. Ina ganin wannan kuskure sau da yawa a wurin wanda ya fara lissafi da bim ɗin gefe, sa'an nan ya kwafi shafin zuwa na tsakiya ya canza sunan kawai.

Akwai hanyar da za ta kama maka irin wannan ba tare da kowa ya duba maka ba, kuma ita ce abin da na fi so ka ɗauka daga wannan wasiƙar. Duk nauyin da ka ɗora a kan bene dole ne ka same shi cikakke a ƙasa, a kan filolin, kamar yadda ɗan kasuwa ke rufe littafinsa da yamma, abin da ya shiga da abin da ya fita su yi daidai. Ka ɗauki benen naka, a ce yana da fili uku na dekin, kowanne mita 6 da mita 4, da bim huɗu, biyu a gefe, biyu a tsakiya. Faɗin benen murabba'in mita 72 ne, idan aka ninka da 11.6 ana samun kusan 835 kN. Yanzu ka tara abin da ka bai wa bim ɗin ta hanyarka: kowanne 23.2 sau 6, wato kusan 139 kN, guda huɗu sun ɗauki 557 kN. Saura kusan 278 kN babu wanda ya ɗauka, kwatankwacin tan 28 na kankare da mutane suna tsaye a kan iska. Da rabon da ya dace, na gefe biyu suna ɗaukar 139 kowanne, na tsakiya biyu 278 kowanne, jimilla 835 ta dawo, littafi ya rufu. Wannan aikin minti biyu ne a bayan takarda, kuma ina yin sa har yau a kan duk abin da manhajar lissafi ta fitar mini, domin ita ma abin da aka ba ta take rabawa, ba ta san abin da aka manta ba a ba ta ba.

Abu na biyu shi ne bangon. Ka ambace shi a bayanin ginin, amma bai shiga lissafinka ba ko kaɗan, kuma ba ƙaramin kaya ba ne. Bulo mai rami na inci tara, da filasta a fuskokinsa biyu, yana kai kimanin 3.5 kN a kan kowane murabba'in mita na fuskar bango. Idan tsayinsa mita 2.7 ne daga ƙasa zuwa ƙarƙashin bim ɗin sama, kowace mita ta bim ɗinka tana ɗauke da kusan 9.5 kN, bayan ninkin 1.35 kuma ya zama 12.8 kN/m. Ka lura, bangon shi kaɗai ya haura rabin dukan abin da ka lissafa. Kada ka ce 3.0 na nauyin amfani ya rufe shi. Ƙarin da kundin ya yarda a baza a kan dekin saboda shingen ofis, daga 0.5 zuwa 1.2 kN/m², na shinge ne marar nauyi wanda ake iya cirewa a mayar wani wuri, wanda kowace mitarsa ba ta wuce 3 kN ba. Bangon bulo ya ninka wannan iyakar sau uku, don haka a inda yake tsaye ake ɗora shi, da cikakken nauyinsa. Ka kuma tabbatar da irin bulon daga zane ko daga takardar bayanin kayan aiki, domin idan marar rami ne, ko za a cika raminsa da kankare, adadin zai hau sosai. Idan akwai ƙofa ko taga a jikinsa, ni ba na rage su a matakin farko, saboda ƙofa tana iya canza wuri kafin a gama gini, bango kuwa ba kasafai yake raguwa ba.

Sai nauyin bim ɗin kansa. Milimita 150 na samansa an riga an ƙirga su cikin dekin, saura 300 da suka sauko ƙasa, faɗin 230. Wannan yana ba da 1.7 kN/m, da ninki 2.3. Kaɗan ne, amma a rubuta shi. Ga jimillar, inda w yake nufin nauyi a kan kowace mita, L tsawon bim, V kuma nauyin da ke sauka a kowane bakinsa kusa da fila:

```
w = 46.4 + 12.8 + 2.3 = 61.5 kN/m
M = wL²/8 = 61.5 × 6² / 8 = 277 kNm
V = wL/2 = 185 kN
```

Yanzu ga dalilin da ya sa na ba ka adadi biyu a farko maimakon ɗaya. Abin da na lissafa a sama yana nufin dekin yana kai nauyinsa ga dogayen bim ɗin kaɗai. Amma filin dekin naka mita 6 ne da mita 4, tsawonsa ya ninka faɗinsa sau 1.5 kawai, bai kai sau 2 ba. Idan akwai bim a gajerun gefunan ma, wato an kewaye filin ta ɓangarori huɗu, to dekin zai raba kayansa ta hanyoyi biyu. Ka ɗauki fensir ka ja layi daga kowace kusurwa a kan digiri 45, za ka ga alwatika biyu sun fito a gajerun gefuna, kowace murabba'in mita 4, waɗannan na gajerun bim ne. Abin da ya rage, murabba'in mita 16 a kowane fili, dogayen bim biyu ne ke raba shi, takwas-takwas. Bim ɗinka ke nan yana ɗaukar murabba'in mita 16 daga ɓangarorinsa biyu maimakon 24.

A nan ne mutum ke iya faɗawa wani ramin yana murnar ya fita daga na farko. Nauyin dekin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, amma ƙarfin lanƙwasa bai ragu haka ba, domin abin da aka cire daga kusa da filoli aka cire shi, inda nauyi ba ya lanƙwasa bim sosai, tsakiyar kuwa tana nan da cikakken kayanta na mita 4. Idan kana son nauyi madaidaici wanda zai ba ka M iri ɗaya da wannan rabon, ga yadda ake samun sa daga kowane gefe, inda n yake nufin nauyin dekin a kan kowane murabba'in mita, lx faɗin filin, k kuma tsawo a raba da faɗi:

```
w = (n × lx / 2) × (1 − 1/(3k²))
  = (11.6 × 4 / 2) × 0.852 = 19.8 kN/m
```

Gefe biyu sun ba da kusan 39.5, da bango da nauyin bim ya zama kusan 55 kN/m, M kuma kusan 246 kNm. Ragin da aka samu a ɓangaren dekin kashi 15 ne cikin ɗari, ba 33 ba. Sai dai ka sani wannan adadin na lanƙwasa ne kawai. Wajen lissafa abin da ke sauka a kan fila, ka koma ga ainihin murabba'in mita 16, ka kuma tuna cewa gajerun bim suna kawo nasu rabon kan filolin nan, in ba haka ba littafinka ba zai rufu ba. Akwai kuma abin da ke iya tura adadin sama: idan dekin ɗin fili biyu ne kawai a haɗe, yana tafiya ta hanya ɗaya, kuma bim ɗinka ne a tsakiyarsu, to yana jan fiye da rabi-rabi, har zuwa ninkin 1.25, sai 46.4 ya koma 58. Idan filayen sun fi biyu ƙarin bai kai haka ba, amma bim na farko daga gefe yana ɗaukar ƙarin kusan kashi goma cikin ɗari ko ɗan fiye. Shi ya sa nake buƙatar ganin zanen benen gaba ɗaya kafin in tsayar maka da adadi guda.

Ina so ka ga abin da wannan bambanci yake nufi a jikin rodi, domin a takarda 23 da 61 lambobi ne kawai. Zurfin aiki, daga saman bim zuwa tsakiyar rodin ƙasa, kusan milimita 400 ne bayan an cire murfin kankare da zobe da rabin kaurin rodi. Da rodi mai ƙarfin 500 N/mm², lissafin gaggawa na yawan rodin da ake buƙata, As, inda fy yake nufin ƙarfin rodi, d kuma zurfin aiki, shi ne:

```
As = M / (0.87 × fy × 0.9d)
   = 277 × 10⁶ / (0.87 × 500 × 360) = 1770 mm²
```

Rodinka huɗu masu 16 suna ba da 804 mm², ƙasa da rabin abin da ake buƙata. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan: ka cire duk ninkin kariya, ka fitar da mutane da kayan ofis gaba ɗaya, ka bar dekin da bango da bim kawai. Nauyinsu 32 kN/m ne, M kuma kusan 145 kNm. Rodin da ka zaɓa yana kai iyakarsa, inda ƙarfe ke fara miƙewa ba ya komawa, a wajen 150 kNm. Ma'ana, ranar da magina suka gama ɗora bulo suka yi filasta, kafin a shigo da kujera ko ɗaya, bim ɗin ya riga ya cinye kusan dukan ƙarfinsa. Haɗuwarsa da filoli da taimakon dekin za su iya riƙe shi na wani lokaci, amma ba a ɗora rayukan mutane a kan taimakon da ba a lissafa ba.

Na taɓa zuwa duba wani bene da aka yi wa irin wannan, inda aka ƙara bango a kan bim bayan an gama lissafi, ba a koma wurin injiniya ba. Abin da mai ginin ya fara lura da shi ƙofa ce ta daina rufuwa, aka kira kafinta ya fere ta, bayan wasu watanni ta sake cijewa. Da muka cire silin a ƙasa muka haska fitila, sai ga tsagogi a tsaye a cikin kashi ɗaya bisa uku na tsakiyar bim ɗin, sun taso daga ƙasa suna sirancewa yayin da suke hawa, wasu har farce yana shiga, alhali iyakar da aka saba yarda da ita milimita 0.3 ce. Muka ja zare daga fila zuwa fila, tsakiyar ta sauka fiye da kaurin yatsu biyu. Kankare yana ci gaba da lotsawa a hankali a ƙarƙashin nauyin dindindin na tsawon watanni da shekaru, shi ya sa ƙofar ta sake cijewa. A bim mai mita 6, lotsawar da aka yarda da ita gaba ɗaya ita ce tsawo a raba da 250, wato milimita 24, wadda za ta faru bayan an gina bango kuwa rabin haka, milimita 12, domin bulo da filasta ba sa jure lanƙwasa, tsagewa suke yi.

Wannan bim ɗin ya yi gargaɗi saboda ta lanƙwasa ya gaza, kuma ƙarfe yana miƙewa kafin ya tsinke. Gazawa ta kusa da fila ba ta da wannan haƙurin, tsaga ce mai karkata kamar digiri 45 wadda ke iya buɗewa lokaci guda. Da lissafinka V bai wuce 69 kN ba, wanda zai sa ka saka zobe mafi ƙaranci ka wuce. Da 185 kN, idan aka raba da faɗin 230 da zurfin 400, ana samun kusan 2 N/mm², wanda ya ninka abin da kankare kaɗai ke iya ɗauka fiye da sau biyu. Don haka zoben sai an lissafa su da kyau, an matse tazararsu a kusa da filoli. Kuma wannan bambancin yana gangarawa cikin fila har zuwa harsashin gini, saboda haka idan ka riga ka ba wani mutum adadin da ke sauka a kan filolin nan, ka kira shi yau ka janye.

Ko da ka gyara rodin, ban gamsu da zurfin 450 ba. Don samun 1770 mm² kana buƙatar rodi huɗu masu 25. Faɗin 230, idan ka cire murfin 25 da zobe mai 10 a kowane gefe, saura 160. Rodi huɗu sun cinye 100, saura 60 a raba gida uku, milimita 20 ke nan tsakanin rodi da rodi, ƙasa da kaurin rodin kansa, kuma tsakuwa mai 20 ba za ta wuce ta nan ba. Abin da za ka tarar ranar cire katako shi ne ƙasan bim mai ramuka kamar saƙar zuma, rodi a waje. Idan ka jera su hawa biyu zurfin aiki ya ragu, buƙatar rodi ta ƙaru, lotsawa ma ta ƙaru. Shawarata ita ce ka gwada zurfin 600. Nauyin bim zai ƙaru da kusan 1.2 kN/m kawai, M ya zama kusan 282 kNm, zurfin aiki ya kai 550, rodin da ake buƙata ya sauko zuwa kusan 1310 mm², wanda rodi uku masu 25 suka rufe shi da 1473 mm², da tazarar da ta haura milimita 40 a tsakaninsu. Akitek zai iya cewa zurfin ya ci masa tsayin silin, to sai ku zauna ku duba ko a faɗaɗa bim ɗin zuwa 300, ko a mayar da bangon na bulo mai inci shida idan ba ya ɗauke da komai. Wannan magana ce da ake yi da shi yanzu, tun zane yana kan tebur.

Abu ɗaya ya rage wanda wasiƙarka ba ta faɗa ba, shi ne ko bim ɗin ya tsaya a filolin nan biyu ko ya zarce zuwa wani tsawon. Idan ya zarce, wL²/8 ba shi ne lissafinsa ba: M na tsakiya zai ragu, amma wani zai bayyana a saman bim a kan fila, kuma a can dekin ba ya taimaka wa kankare wajen ɗaukar matsi, faɗin 230 na ƙasa ne kaɗai ke aiki, wanda ya ƙara wa zurfin 600 hujja. Ko da bai zarce ba, tun da tare da filoli za a zuba shi, sai an saka rodi a sama a bakunansa biyu, in ba haka ba zai tsage a can.

Ka sake lissafin a shafi guda, nauyin dindindin a gefe, na amfani a gefe, kowanne kafin ninki da bayan ninki, kowane adadi da ma'auninsa a rubuce kusa da shi. Ka haɗa da zanen benen da ka ja layukan rabon nauyi a kansa da hannunka, da zanen akitek na ƙarshe wanda ke nuna bangaye, da jimillar nauyin bene a gefen jimillar abin da ya sauka a kan filoli. Ka duba sauran bim ɗin tsakiya na wannan benen ma, domin ina kyautata zaton mita 2 ɗin nan ta bi su duka. Ka turo mini, mu zauna a kai kafin a ba mai zane.